Cinikin Biri a Sama: Ruwan Gwal Ba Gwal Ba Ne

Yau zan ɗan shiga gonar mata, don haka ina neman afuwa tun kafin in yi nisa. Abin da ya sa na shiga kuwa shi ne akwai hannuna a cikin wani abin kunya da ya faru a danginmu, kuma da na zauna na bi diddigin al'amarin sai na tarar ba sarƙa ce ta jawo shi ba, 'yan kalmomin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton sarƙar ne.

Duk wanda ya daɗe a nan Ikko ya san irin aiken da ake yi mana daga gida. Da an sa ranar biki sai ka ji waya: "Tunda kuna kusa da Balogun da Idumota, a duba mana atamfa da leshi da sarƙa." Haka wani ɗan baffana ya yi mini lokacin da yake haɗa lefe. Na tura masa hotunan da wata mai sayarwa ta ɗora a WhatsApp, ya zaɓi wani saiti na sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu da zobe. A ƙarƙashin hoton an rubuta: "Gwal ɗin Dubai, 18K, ba ya koɗewa har abada." Ni da na biya kuɗin na san kuɗin ba su kai na zinari ba, ko kusa. Amma ban ce komai ba, na tura kaya da hoton da rubutun yadda na same su.

To, mai karatu, ka san farashi ba ya shiga akwatin lefe, suna ne yake shiga. Ranar da aka buɗe akwatuna sai wadda take ɗaga kaya ta ce, "Ga kuma saitin gwal ɗin Dubai." Aka yi guɗa. Amarya ta adana abinta a ƙasan akwati, ba ta sawa sai da babban dalili. Bayan kusan shekara biyu rashin lafiya ta kama ɗanta, ana neman kuɗin aiki a asibiti, mijin kuma ba ya gari. Ta ɗauki saitin ta nufi wurin masu sayen gwal da ƙarfin gwiwarta. Mutumin ya juya awarwaro ɗaya a hannu, ya goga shi a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya miƙa mata kayanta ya ce, "Hajiya, wannan ai fashan ne." An samu kuɗin aikin ta wata hanya, yaro ya warke, alhamdu lillahi. Amma har yau akwai sauran tabo tsakanin gidajen biyu, domin dangin amarya sun ɗauka da gangan aka yi masu rufa-rufa.

Abin da nake son faɗa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Sayar da sarƙar da aka yi wa ruwan gwal ba laifi ba ne, sayenta ma ba abin kunya ba ne. Mafi yawanmu ita ce daidai aljihunmu, kuma a garin da ake fizgar sarƙa a tashar mota, mace mai hankali ma takan bar zinarinta a gida ta sa fashan. Laifin yana cikin rubutun da ake yi a kan kayan. Ra'ayina shi ne duk mai tallar irin waɗannan kaya, ko a waya ko a takardar da ake liƙawa a leda, ya wajaba ya faɗi abu huɗu: wane ƙarfe ne a ciki, me aka shafa a kai, me zai faru da shi bayan an yi ta sawa, sannan yaya za a kula da shi. Wanda ya bar ɗaya daga cikin huɗun nan, cinikin biri a sama ya yi da mutane.

Ƙarfen ciki shi ne sunan kaya

Harshenmu da kansa yana taimaka wa ruɗanin. Idan aka ce "sarƙa mai ruwan gwal", wani zai fahimci launinta ne kawai irin na gwal, wani kuma zai fahimci an tsoma ta ne a ruwan zinari na gaske. Haka kalmar silba. A gidajenmu kwanon silba da tukunyar silba ba su da ko ƙwayar azurfa, farin ƙarfe ne mai ƙyalli. Saboda haka idan mai talla ta rubuta "zoben silba", ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi komai ba. Akwai ma wani ƙarfe da 'yan kasuwar duniya suke kira azurfar Jamus, wanda haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu azurfa a cikinsa sam.

Maganin wannan shi ne a fara da sunan ƙarfen da ya fi yawa a jikin kaya, ba da sunan na sama ba. Idan tagulla ce aka yi wa ruwan gwal, a rubuta "tagulla ce, an yi mata ruwan gwal". Idan ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda akan ga an buga masa 316L, a faɗi haka. Kalmar gwal ita kaɗai, ba tare da wani ƙarin bayani ba, a bar wa abin da in ka yanka shi biyu za ka tarar cikinsa da bayansa duk ɗaya ne. Sunan gari kuma ba sunan ƙarfe ba ne. A Dubai ana sayar da zinari na gaske, ana kuma sayar da fashan, kamar yadda ake yi a Kano da Ikko. "Na Dubai", "na Italiya", "na Saudiyya", duk labarin jirgin da kaya suka hau ne, ba labarin abin da ke cikinsu ba.

Lambobin da ake bugawa a bayan sarƙa ko cikin zobe suna da ma'ana tsayayya, kuma mai talla ya kamata ya kwafe su gaba ɗaya. Zinari tsantsa karat 24 ne. Karat 22 ana buga masa 916, karat 21 ana buga masa 875, karat 18 kuma 750, wato kashi 750 cikin 1000 na nauyinsa zinari ne. Azurfar da aka fi yin kayan ado da ita ana buga mata 925, sauran kashi 75 ɗin galibi jan ƙarfe ne da ake ƙarawa don ta yi ƙwari. Amma idan bayan lambar akwai haruffa irin su GP ko GEP ko HGE, to magana ta canza. 18K GP na nufin fatar da aka shafa ce mai karat 18, ba jikin ba. Da aka dawo mini da saitin ɗan baffana na duba bayan maɓallin sarƙar da tabarau, ga 18K GP nan ɓaro-ɓaro. Masu ƙerawa ba su ɓoye komai ba. Mai tallar ce ta kwafi rabin farko ta bar haruffa biyu na ƙarshe, ni kuma na taya ta.

Wani abu kuma, tambari ba shaida ba ce. Ƙarfen buga 925 ko 750 abu ne da kowa zai iya saye ya buga a kan abin da ya ga dama. A Ingila doka ta tilasta a kai kayan zinari da azurfa ofishin gwaji mai zaman kansa ya auna ya buga nasa hatimin, sai ƙananan da ba su kai wani nauyi ba, Indiya ma ta fara tilasta irin wannan hatimi ga zinari a 2021. Kayan da suke zuwa hannun 'yan'uwanmu mata a leda, dozin-dozin, ba su bi ta irin wannan ƙofa ba. Don haka akwai bambanci tsakanin rubuta "an buga masa 925" da rubuta "azurfa 925 ce, na kai an gwada". Mai gaskiya zai rubuta wadda ta dace da abin da ya yi.

Nawa ne zinarin da ke kan fatar?

Ana yin ruwan gwal ne ta hanyar tsoma kaya a cikin ruwan magani mai narkakken zinari, a sakar masa lantarki, sai zinarin ya riƙa kwanciya a jikin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Kaurin abin da ya kwanta ana auna shi da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1000. Don ka gane ƙanƙantarsa, silin gashin kai ɗaya yakan kai kaurin maikiron 70 ko kusa da haka. Kayan fashan masu araha da yawa fatarsu ba ta kai rabin maikiron ba.

Bari mu yi lissafi da saiti irin na amaryarmu. Mu ƙaddara nauyinsa giram 40 ne, faɗin jikinsa duka kuma murabba'in santimita 50, an yi masa ruwan gwal mai kaurin rabin maikiron. Idan ka ninka faɗin da kaurin, ka sake ninkawa da nauyin zinari, wanda yake giram 19.3 a kowane kumburin santimita ɗaya, za ka samu kusan giram 0.05. Wato giram ɗaya a raba shi gida 20 a ɗauki ɗaya. Da saitin nan zinari ne mai karat 18 ciki da waje, da akwai giram 30 na zinari tsantsa a jikinsa. Ka ga ke nan tazarar ba ta inganci ba ce kamar tsakanin atamfa mai tsada da mai araha. Ɗaya dukiya ce da za a iya mayarwa kuɗi ranar buƙata, ɗayan ado ne kawai. Ko da an ninka kaurin sau 5 ya kai maikiron 2.5, zinarin bai wuce rubu'in giram ba, kuma mai sayen gwal ba zai wahalar da kansa wajen kankare shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin jumla mafi muhimmanci da za a ƙara a talla ita ce: "Na ado ne, ba na ajiya ba ne, masu gwal ba sa saye." A wurinmu sarƙar mace asusunta ce. Da ita ake biyan kuɗin makaranta in abu ya tsuke, da ita ake jari, ita ake rabawa a gado. Mai tallar da ta bar mace ta ɗauka tana da asusu alhali ba ta da shi, ta cuce ta ne a ranar da ba ta da ƙarfin jure cuta.

Ba kowane ruwan gwal ne ɗaya ba, kuma mai kaya masu kyau shi ya fi kowa asara idan aka yi shiru a kan kauri. A ƙa'idar hukumar ciniki ta Amurka, FTC, ba a kiran abu vermeil sai in cikinsa azurfa 925 ce, fatarsa kuma zinari ne da bai gaza karat 10 ba, mai kaurin aƙalla maikiron 2.5. Wanda aka buga wa 1/20 14K GF kuma ba tsoma shi aka yi ba, fallen zinari aka manne a kan tagulla da zafi da matsi, kuma fallen ya kai kashi 1 cikin 20 na nauyin kayan. Irin wannan yakan daɗe ƙwarai fiye da na tsomawa. Wanda matanmu suke kira GL kuwa suna ne na kasuwa, bai gaya maka kauri ba. Idan dila bai faɗi kaurin ba, mai talla ta rubuta cewa dila bai faɗa ba. Wannan ma bayani ne mai amfani, domin mai saye zai san ya ɗauki kayan a matsayin masu siririyar fata.

Baƙin azurfa daban, koɗewar fashan daban

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ba ni mamaki. Mutum ya sayi zoben azurfa na gaske, bayan wata biyu ya yi baƙi, sai ya koma yana zagin maƙeri wai ya sayar masa da jabu. Wani kuma ya sayi zoben farin ƙarfe da bai taɓa canza launi ba, yana ta yabon ingancin "azurfarsa". Alhali abin a juye yake. Azurfa ta gaske tana baƙi. Akwai burɓushin farar wuta a cikin iska, irin warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga kwata da ruwan da ya kwanta, shi ne yake haɗuwa da fuskar azurfa ya fara mayar da ita rawaya-rawaya, sannan ruwan ƙasa, sannan baƙa. Laima tana hanzarta abin, shi ya sa zoben da ya shekara fes a Katsina yakan dushe da wuri idan ya sha daminar Ikko ko Fatakwal. Ƙwai da albasa da robar ɗaure kuɗi duk suna ƙara masa gudu.

Sai dai wannan baƙin a sama kawai yake, ƙarƙashinsa azurfa ce lafiya lau, kuma yana fita. Koɗewar ruwan gwal kuwa ba datti ba ne da za a wanke. Fatar ce ta cinye saboda gogayya, ƙarfen ciki ya leƙo. Za ka fara ganinta a inda kaya suke gugar jiki ko gugar juna: cikin zobe ta wajen tafin hannu, gefen awarwaro, bayan wuya kusa da maɓallin sarƙa. Duk gogewar da aka ƙara yi, ƙara cire sauran fatar ake yi. Maganinta ɗaya ne, a kai a sake yi wa kayan sabon ruwa, a kuma san cewa shi ma zai sake tafiya. Saboda haka rubuta "ba ya koɗewa har abada" a kan kayan da aka tsoma alkawari ne da babu mai iya cikawa.

Akwai kuma abin da ke faruwa da fatar mutum, wanda shi ma iri biyu ne. Idan yatsa ko wuya ya yi kore, jan ƙarfen da ke cikin tagulla ne ya haɗu da gumi. Ba kyan gani, amma sabulu yana wanke shi. Idan kuwa wurin ya yi ƙaiƙayi, ya yi ja, ya fito da ƙuraje ko ya fara ruwa, musamman a hujin kunne, to galibi nikel ne, wanda akan shimfiɗa a ƙarƙashin ruwan gwal ko a cakuɗa a cikin ƙarfen. Jikin da ya fara ƙin nikel ba kasafai yake dainawa ba. Mu da muke huda wa jarirai mata kunne tun suna 'yan kwanaki, ya kamata mai sayar da 'yan kunnen yara ta faɗi ko akwai nikel, in kuma ba ta tabbatar ba kada ta rubuta "ba ya cin kunne".

Kulawa ta bi irin ƙarfen

Shawarar kulawa da ake kwafowa a liƙa wa kowane kaya ba ta da amfani, domin abin da ke gyara azurfa shi ne yake kashe ruwan gwal. Mai ruwan gwal, a sa shi a ƙarshe bayan an gama shafa mai da humra da fesa turare sun bushe, a kuma fara cire shi in an dawo. A cire zobe da awarwaro kafin wanki da wanke-wanke da wanka, har da alwala in da hali, domin ruwa sau biyar a rana ba ƙaramin aiki ba ne ga fatar rabin maikiron. A share gumi da ƙyalle mai laushi, a ajiye kowanne a ledarsa don kada su goge juna. Kada a kusance shi da toka ko man goge baki ko soson ƙarfe. Masu shafa man bilicin kuma su sani wasu daga cikin irin mayukan nan suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda yake cin zinari ya bar masa farin tabo, ban da illar da yake yi wa jiki.

Azurfa tsantsa kuwa tana jure sawa kullum, ajiya a buɗe ce ta fi baƙanta ta. A adana ta a busasshiyar leda mai zif, a nesanta ta da ruwan bilic na wanki. Idan ta yi baƙi, a shimfiɗa takardar alminiyon irin ta naɗe gasasshen kifi a cikin kwano, a ɗora zoben ya taɓa takardar, a zuba ruwan zafi kofi ɗaya da bekin soda cokali ɗaya babba. Cikin 'yan mintoci farar wutar za ta bar azurfa ta koma jikin takardar, har za ka ji ɗan warin ƙwai. A ɗauraye a goge ya bushe. Amma ba a yi wa mai dutsen da aka manna da gam, ko wanda maƙeri ya baƙanta zanensa da gangan don ado, ko azurfar da aka yi wa ruwan gwal.

Yadda muka gyara wata talla

Ƙanwar maiɗakina ita ma tana wannan sana'a daga ɗakinta a Agege. Bayan abin da ya faru na roƙe ta mu zauna mu sake rubuta tallarta ɗaya. Ta farko cewa take: "Sabon shigowa! Gwal ɗin Italiya, garanti, ba ya baƙi." Muka ɗauko awarwaron muka ɗora a ƙaramin sikeli, giram 14. Muka duba ciki, 18K GP. Muka kara masa maganaɗisu bai kama ba, sai ta ce, "Yaya, ka gani ko? Na gaske ne." Na ce mata, "A'a ƙanwata, maganaɗisu baƙin ƙarfe da nikel yake kamawa. Tagulla ma ba ya kama ta, don haka bai wanke kowa ba." Muka sadaukar da guda ɗaya, muka kai wa wani dattijo mai sayen gwal. Ya sa magagari ya ɗan ci gefen ciki har ya wuce fata, ya ɗiga ruwan gwaji, wurin ya yi kumfa kore. Ya ce, "Tagulla ce, ɗana. Da a sama kawai na goga, da ta ruɗe ku." Daga nan ta sa wani guda a hannunta wata ɗaya cur, tana aikin gida da shi, don ta ga abin da zai yi. Ga abin da ta koma rubutawa:

"Awarwaro, giram 14. Cikinsa tagulla ce, an yi masa ruwan gwal, tambarinsa 18K GP. Dila bai faɗi kaurin ruwan ba, bai kuma tabbatar mini babu nikel ba, don haka mai cin fata ta yi hattara. Na sa irinsa kullum wata ɗaya ina wanke-wanke, gefensa ya fara dushewa a mako na uku. Na fita biki ne, ba na kullum ba. A cire kafin a taɓa ruwa, a sa bayan turare ya bushe, a ajiye a ledarsa. Na ado ne, masu gwal ba sa saye."

Na san abin da masu sana'ar za su ce, domin ita ma ta faɗa mini: "Yaya, in na rubuta haka wa zai saya, ga maƙwabciyata tana cewa nata gwal ne?" Ba zan yi mata ƙarya ba, ba zan yi maku ba, za a rasa wasu masu saye. Wadda take neman a gaya mata ta samu zinari a farashin tagulla za ta tafi inda za a gaya mata hakan. Amma ita ce dai za ta dawo bayan wata uku da kaya a hannu tana neman kuɗinta, tana kuma ba da labari a gidan suna. Sana'ar da ake yi a cikin unguwa da dangi, jarinta mutanen da suke dawowa ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban da haka, dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yi wa kaya bayanin da zai ɓatar da mai saye, kuma tallar da aka rubuta a waya tana nan a ajiye a hannun wanda aka tura wa.

Wasu kuma za su ce ai kowa ya sani, farashi ma ya isa ya gaya wa mutum. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina ranar da na tura wa ɗan baffana kaya, kuma ita ce ta fi rauni. Wanda ya biya shi ya san farashi. Sarƙa kuwa kyauta ake yi da ita, a lefe take tafiya, a gado take sauka, kuma a duk wannan tafiya sunan da aka raɗa mata ranar farko ne yake bin ta. Wadda za ta dogara da ita a ƙarshe sau da yawa ba ta taɓa jin nawa aka saye ta ba.

Ga mai saye kuma, kafin ka tura kuɗi ka nemi a rubuto maka amsar tambaya huɗun nan, kada ka yarda da saƙon murya mai daɗin baki. Ka nemi hoton tambarin da hoton kayan a kan sikeli. In an ce zinari ne, raba farashin da nauyin, ka kira mai gwal ka ji nawa giram yake a ranar. In tazarar ta yi yawa, ka riga ka samu amsa, araha ba ta ado. Idan kuma kai ne ɗan aike irina, to ka rubuta gaskiyar kayan a 'yar takarda ka jefa cikin akwatin sarƙar, don ta isa hannun wadda za ta sa.

Saitin amaryarmu yana nan a durowata, ban iya yar da shi ba. Na je na ba mahaifinta haƙuri da bakina, na gaya masa ɗan baffana bai san komai ba, ni ne na gani na yi shiru. Ya ce ya yafe, amma ya ƙara da cewa da an faɗa masu fashan ne tun farko, da sun karɓa da hannu biyu, domin ba sarƙa suka aurar wa 'yarsu ba.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a cinikinmu. Sai mun sake haɗuwa.